Yadda ake kawo maganar wani a rubutun nazarin sadarwa ba tare da an faɗa cikin satar fasaha ba

A zangon karatun da ya wuce wata ɗalibata a nan Bauchi ta kawo mini rubutu mai shafi biyar kan yadda shirye-shiryen kiran waya na rediyo ke sa batun ruwan sha ya zama abin magana a gari. Batun ya yi kyau, domin duk wanda ya taɓa jin yadda ake kira gidan rediyo idan famfo ya ɗauke ya san akwai abin nazari a ciki. Na tsaya a sakin layi na uku na ja masa layi da jan biro. Ta ce, "Malam, ai na sa sunan marubucin a ƙarshe." Gaskiya ne ta sa. Amma duk da sunan, kurakurai uku ne a wannan sakin layi ɗaya, kuma su ne dai nake gani kusan a kowane rubutu. Shi ya sa zan ɗauki wannan sakin layin mu warware shi tare, daga inda ta samo maganar har zuwa yadda ya kamata ta zauna a jerin manazarta.

Zan yi amfani da tsarin APA, wato ƙa'idojin ambaton majiya da tsara jerin manazarta, bugu na 7, wanda ya fito a ƙarshen 2019, domin shi ne aka fi buƙata a sassan koyon aikin jarida. Ka dai tambayi malaminka tun kafin ka fara, don akwai waɗanda har yanzu bugu na 6 suke bi, kuma akwai 'yan bambance-bambance tsakaninsu. Na san yawancinku da Turanci kuke rubutun, amma zan kawo misalan sake fasalin magana da Hausa domin a ga aikin ƙuru-ƙuru. Abin da za ka buga a takarda kuwa na bar shi yadda ake buga shi.

Aikin yana farawa ne tun ranar da kake karatu

Yawancin satar fasahar da nake kamawa ba da niyyar sata aka yi ta ba. Ɗalibi yana karatu a waya, ya kwafi jimloli ya tura wa kansa ta WhatsApp, ya haɗa su da nasa tunanin a wuri ɗaya. Bayan mako biyu ya je shagon buga takardu a Wunti ko Gwallameji, lokaci ya ƙure, ya rasa wacce ce jimlarsa, wacce ce ta mai littafi. Sai ya zuba su duka.

Maganin wannan ba shi da wuya. Duk abin da ka kwafa kalma da kalma, ka sa shi cikin alamar zance nan take, tun a littafin ajiyarka, ka rubuta lambar shafi a gefensa. Abin da ya fito daga kanka kuma ka sa masa wata alama, ko da harafin farko na sunanka ne. Sannan kafin ka rufe shafin da kake karantawa ka amsa tambayoyi huɗu a rubuce: wa ya rubuta, yaushe, mene ne sunan rubutun, a ina yake. Duk wata shigarwa ta APA amsar waɗannan huɗun ce, a jere haka. Idan shafin intanet ne, ka ƙara da ɗaukar hotonsa a waya, ka kwafi cikakken adireshin. Minti biyu ne, amma zai cece ka daga neman shafin da ƙarfe ɗayan dare ana gobe za a karɓi aiki.

Kuskure na farko: sauya kalmomi a bar ginin jimla

Ɗalibar ta gina rubutunta ne kan ra'in nan da ke cewa kafafen yaɗa labarai su ke tsara wa jama'a batutuwan da za su ɗauka da muhimmanci. A cikinsa akwai wata shahararriyar jimla ta Bernard Cohen, daga littafinsa na 1963 kan jarida da manufofin ƙasashen waje. Ma'anarta da Hausa ita ce: jarida ba kasafai take cin nasarar gaya wa mutane ra'ayin da za su ɗauka ba, amma tana da gagarumar nasara wajen gaya wa masu karatunta abin da za su yi tunani a kansa.

Abin da ta rubuta, idan na mayar da shi Hausa, kusan haka yake: kafafen yaɗa labarai ba sa yawan samun nasarar faɗa wa jama'a ra'ayin da za su riƙe, sai dai suna da babbar nasara wajen nuna wa masu sauraro abin da za su yi nazari a kai.

Ka ajiye jimlolin biyu kusa da juna ka duba. "Jarida" ta koma "kafafen yaɗa labarai", "mutane" ya koma "jama'a", "amma" ta koma "sai dai", "gagarumar" ta koma "babbar". Ginin kuwa bai motsa ba ko kaɗan: abin da ya zo farko a can shi ya zo farko a nan, inda aka juya magana a can nan aka juya ta a nan. Rigar mutum ce aka rina aka sauya mata maɓallai. Ko da an sa sunansa a ƙarshe, wannan yana cikin satar fasaha, domin rashin alamar zance yana gaya wa mai karatu cewa tunanin na Cohen ne amma lafazin naka ne, alhali lafazin ma nasa ne. Masu danna kalma a Word su zaɓi `Synonyms` ɗaya bayan ɗaya wannan aikin suke yi, kuma sau da yawa jimlar ma takan fito a karye.

Ga yadda nake sa ɗalibai su yi. Ka karanta wurin sau biyu ko uku har ka tabbata ka gane. Ka kife wayar ko ka rufe littafin. Ka faɗi ma'anar da baki, da Hausa, kamar kana yi wa ƙaninka bayani a zaure. Wannan matakin shi ne babbar sa'ar mai harshe biyu, domin idan tunani ya bi ta Hausa kafin ya koma Turanci, da wuya ya fito da ginin jimlar asali. Daga nan ka rubuta abin da ka faɗa, kana tambayar kanka me ya sa kake buƙatar maganar a wannan wurin na rubutunka, domin amsar ita za ta nuna maka abin da za ka fara da shi. Sai a ƙarshe ka buɗe littafin ka gwada. Idan ka ga kalmomi huɗu ko biyar a jere iri ɗaya, waɗanda ba sunan ra'i ko kalmar fannu ba ne, ka sake. Idan ka ga ka ƙara abin da bai faɗa ba, ka cire.

Da ta bi wannan hanyar, ga abin da ya fito: a ganin Cohen, ƙarfin jarida yana wajen zaɓen batun da jama'a za su shagala da shi, matsayar da kowa zai ɗauka kan batun kuwa, sau da yawa ta fi ƙarfin jaridar. An juya tsarin, an fara da abin da rubutunta ya fi buƙata, ma'anar kuma tana nan. Har yanzu dole a ambaci mai ita, domin tunanin nasa ne.

Ni a ganina wannan jimlar ta Cohen ma ba ta buƙatar a sake mata fasali. Gajeriya ce, kuma daɗinta yana cikin lafazinta, don haka a rubutun Turanci gara ka kawo ta yadda take, cikin alamar zance, da lambar shafi. Idan abin da za ka kwafa ya kai kalma 40, APA ta ce a ware shi a nasa sakin layin, a tura shi ciki da rabin inci, ba tare da alamar zance ba. Amma rubutu mai shafi biyar da ke ɗauke da irin wannan har uku, mai dubawa zai fara tambayar ina muryar ɗalibin take.

Kuskure na biyu: ambaton littafin da ba ka taɓa riƙewa ba

Na tambaye ta, "A ina kika samu littafin Cohen?" Ta yi shiru, sannan ta ce a cikin wata maƙala ta ga maganar. Maƙalar ita ce ta Maxwell McCombs da Donald Shaw, wadda ta fito a mujallar Public Opinion Quarterly a 1972, kuma su ne suka kawo jimlar Cohen a shafi na 177. Wato ta ji magana a bakin wani, ta tsallake shi, ta jingina ta kai tsaye ga na sama. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba a yin haka da isnadi: wanda ka ji daga gare shi, shi za ka ambata. Dalilin ɗaya ne a nan. Idan wanda ya kawo maganar ya yi kuskure ko ya gutsure ta, kai ka ɗauki kuskuren ka sa hannu a kansa.

Idan za ka iya samun na asalin, ka nemo ka karanta. Idan ba ka samu ba, ga yadda ake rubutawa a cikin rubutu:

```
(Cohen, 1963, as cited in McCombs & Shaw, 1972, p. 177)
```

A jerin manazarta kuma McCombs da Shaw kaɗai za su shiga, domin su ka karanta. Cohen ba zai shiga ba.

```
McCombs, M. E., & Shaw, D. L. (1972). The agenda-setting
    function of mass media. Public Opinion Quarterly, 36(2),
    176–187. https://doi.org/10.1086/267990
```

Sunan mujallar da lambar kundi, wato 36, ana kwantar da su da `Ctrl+I`; lambar fitowa da ke cikin baka biyu kuwa a tsaye take. Sunan maƙalar harafin farko ke zama babba, sai kuma na sunayen mutane da wurare da na kalmar da ta biyo bayan ɗigo biyu. Layi na biyu da na uku suna shiga ciki da rabin inci, kuma kada ka yi ta danna tazara don samun haka: a Word ka zaɓi shigarwar ka danna `Ctrl+T`. Alamar `&` a cikin baka biyu da jerin manazarta take aiki. Idan sunayen suna cikin jimlarka ne, `and` za ka rubuta. Marubuta uku ko fiye kuma, tun daga ambaton farko sunan na farko kaɗai ake sawa a bi shi da `et al.`, kuma wannan yana cikin wuraren da bugu na 7 ya bambanta da na 6.

Kuskure na uku, wanda babu na'urar da za ta kama shi

Jimlarta ta gaba ta ce McCombs da Shaw sun tabbatar cewa rediyo ne ke tsara wa masu sauraro abin da za su damu da shi. Lafazin nata ne, ambaton ma daidai yake a tsari, amma maganar ba gaskiya ba ce. Binciken nasu an yi shi ne a garin Chapel Hill da ke jihar North Carolina a Amurka, lokacin yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa na 1968. Sun yi hira da mutum 100 da ba su riga sun tsayar da wanda za su zaɓa ba, suka gwada amsoshinsu da abin da jaridu biyar, mujallu biyu da labaran yamma na tashoshin talabijin biyu suka fi ba wa muhimmanci. Babu rediyo a ciki. Kuma abin da suka samu daidaituwa ce mai ƙarfi tsakanin jerin batutuwan kafafen da na masu zaɓen. Su da kansu sun ce wannan bai kai ga tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan ba.

Sa wa malami magana a baki laifi ne da ya yi kusa da sata, kuma yana fitowa ne daga karanta taƙaitawar wani maimakon maƙalar. Gyaran da muka yi shi ne raba maganar gida biyu, a ga iyaka. Jimla ta farko ta faɗi abin da suka samu a jaridu da talabijin a Amurka, da ambatonsu. Jimla ta biyu ta fara da cewa wannan rubutu yana ganin ana iya gwada ra'in a kan rediyo a Bauchi, inda mutane da yawa suka fi dogara da shi wajen jin labari. Ta biyun ba ta buƙatar ambaton kowa domin hujjarta ce, kuma a nan makin yake. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba na son a jera jimla shida sannan a manna suna ɗaya a ƙarshen sakin layi. Mai karatu ba zai san ko duka shidan na marubucin ne ko ta ƙarshe kaɗai ba. Ka ambace shi a jimlar da maganarsa ta fara, ka ci gaba da "ya ƙara da cewa" ko "binciken ya nuna", har zuwa inda za ka karɓi magana.

Abubuwan da aka samo a intanet

Sauran madogaranta duk daga waya suka fito: rahoto daga wani shafin labarai na Hausa, bidiyon shirin rediyo a Facebook, da hira da wani mai gabatar da shiri. A jerin manazarta ta rubuta "Google" da "Facebook" kawai. Google hanya ce, kamar ka ce ka sayi littafi a hannun ɗan acaɓar da ya kai ka kasuwa. Ana son shafin da ka sauka a kansa.

Rahoton shafin labarai ga ƙirarsa:

```
Surname, A. B. (Year, Month Day). Kanun labarin da Hausa
    [English translation of the headline]. Site Name. URL
```

Tunda rubutun da Turanci ne, kanun yana zama da Hausarsa, a bi shi da fassara cikin baka mai kusurwa. A shafin labarai irin na BBC Hausa kanun ake kwantarwa. Idan kuwa jarida ce irin Aminiya ko Daily Trust, sunan jaridar ake kwantarwa a bar kanun a tsaye. Idan ba a sa sunan wakilin da ya rubuta ba, kanun ne ke hawa gaba ya zauna a mazaunin marubuci. Idan shafin wata hukuma ne ko ƙungiya, kamar hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, ita ce marubuciyar. Idan ka duba sama da ƙasa babu kwanan wata, ka sa `n.d.`, kada ka ɗauki shekarar da ke can ƙasan shafi kusa da alamar haƙƙin mallaka, domin ta dukan shafin ce. Shafin intanet ba shi da lambar shafi, don haka idan ka kwafi lafazi ka ƙirga sakin layi ka rubuta kamar `para. 4`. A bidiyo ko sauti kuma minti da daƙiƙa ake sawa, kamar `12:40`.

Akwai wani tarko da ya fi kama mu masu harshe biyu. Ɗalibi ya ɗauki rahoton Hausa ya fassara shi Turanci jimla bayan jimla, ya ce ai kalmomin nasa ne. Fassara ba ta mayar da abin wani ya zama naka. A APA fassarar da ka yi da kanka ana ɗaukarta a matsayin sake fasalin magana, wato ba a sa mata alamar zance, amma dole a ambaci majiyar, kuma yana da kyau a nuna sakin layin. Idan kana nazarin lafazin ne kansa, misali kalmar da mai gabatarwa ya zaɓa, ka kawo Hausar cikin alamar zance sannan ka fassara.

Hirar da ta yi da mai gabatar da shirin ba ta shiga jerin manazarta, domin mai karatu ba shi da inda zai je ya same ta. A cikin rubutu kaɗai ake ambatonta:

```
(A. B. Surname, personal communication, March 5, 2025)
```

Haka saƙon waya ko na WhatsApp da mutum ya aiko maka. Saƙon da aka yi ta turawa daga zaure zuwa zaure ba tare da an san mafarinsa ba kuwa, ba majiya ba ne, sai dai idan shi kansa ne abin da kake nazari. Shirin da ka ji kai tsaye a rediyo, ka fara duba ko tashar ta ɗora shi a shafinta. Idan tana da shi ka ambaci bidiyon da adireshinsa, idan babu ka faɗi sunan tashar, sunan shirin da ranar a cikin jimlarka. Tunda shafuka kan ɓace, ina ba da shawarar ka shiga `web.archive.org` ka yi amfani da `Save Page Now` ka adana kwafin duk shafin da hujjarka ta rataya a kansa.

Sunayenmu ma suna ba da wahala. Alhaji, Malam, Dakta da Farfesa duk ba sa shiga. Sunan da marubucin ya sa a ƙarshe shi ne ke zuwa gaba, ko da sunan gari ne ko na unguwa, sauran su koma haruffa. Maɓallin `Cite` na Google Scholar yana sauƙaƙa aiki, amma yakan birkita irin waɗannan sunaye, kuma yawanci ba ya sa DOI, wato adireshin dindindin na maƙala irin wanda ke ƙarshen shigarwar McCombs da Shaw, don haka ka gwada abin da ya ba ka da shafin farko na maƙalar.

Kafin ka miƙa

Ka buga rubutun a takarda ka ɗauki biro. Duk sunan da ke cikin baka biyu a jikin rubutu ka nemo shi a jerin manazarta ka yi masa alama, sannan ka juyo daga jerin zuwa jikin rubutu. Wanda ya rage babu abokin tafiya, ko dai ka manta shi ne ko kuma ado ne aka sa don jerin ya yi tsawo. A nata rubutun shigarwa goma sha ɗaya ne a jerin, huɗu kaɗai aka ambata a ciki. Sauran bakwai daga tsohon furojet ɗin wata yayarta ta kwaso su.

Mai dubawa ba ya buƙatar na'ura kafin ya gane kwafe. Turancin ɗalibi yana tafiya da 'yan tuntuɓensa, kwatsam sai ga sakin layi sumul kamar na edita. Ko girman haruffa ya sauya, ko wata kalma ta fito shuɗiya da layi a ƙasanta, ko a ga ƙaramar lamba cikin baka mai kusurwa da ta biyo jimla daga Wikipedia. Daga nan jimla ɗaya zan ɗauka in sa cikin alamar zance a Google. Kai ma ka yi wa kanka wannan gwajin da duk jimlar da ka ji ta fi ƙarfin bakinka.

Idan makarantarku tana amfani da Turnitin, manhajar da ke gwada rubutunka da rubuce-rubucen wasu, ka sani lambar da yake bayarwa ma'aunin kamanceceniya ce kawai. Yakan haska jerin manazarta da maganar da ka kawo daidai cikin alamar zance, sai dai idan an saita shi ya tsallake su, don haka lamba mai yawa tana iya zama babu laifi a cikinta. Lamba kaɗan kuma ba wanke kai ba ce, domin kuskure na biyu da na uku da muka gani a sama ba ya ganinsu, rahoton Hausa da aka fassara ma yakan wuce shi. Ka buɗe rahoton ka bi wuraren da ya haska ɗaya bayan ɗaya, ka duba ko kowanne yana da alamar zance da ambato, ko kuma yana buƙatar ka rufe littafi ka sake faɗa da bakinka. Iyakar da aka yarda da ita kuwa ta bambanta daga makaranta zuwa makaranta, a sashenku za ka tambaya. Haka idan kana son sake amfani da wani yanki na aikin da ka taɓa miƙawa a wani kwas, ka nemi izinin malamin tukuna, domin na'urar tana iya ajiye tsofaffin ayyukan ɗalibai, naka ma yana iya kasancewa a ciki.